Shafi yana buɗewa da datar waya amma ya ƙi buɗewa a waifai na ofis: tambayoyi da amsoshi

An tattara waɗannan tambayoyi ne domin ma'aikatan ƙananan ofisoshi a Kumasi, irin ofisoshin fiton kaya da na shirya tafiye-tafiye da ke Adum da Aboabo da Asawase, inda galibi babu injiniya zaunanne, sai dai wanda ake kira idan abu ya lalace. A duk misalan an yi amfani da sunan example.com da adireshi 203.0.113.25, waɗanda aka keɓe su domin misali kawai, saboda haka mai karatu ya sa sunan shafin da ke ba shi matsala a madadinsu.

Tun da shafin ya buɗe da data, hakan na nufin shafin lafiyarsa ƙalau?

Abin da hakan ya tabbatar shi ne sabar da ke ɗauke da shafin tana aiki, kuma tana amsa wa wanda ya zo ta hanyar kamfanin waya. Bai nuna inda matsalar take ba, domin wayar da ke kan datar MTN ko Telecel ko AT da kwamfutar da ke kan waifai na ofis sun bambanta a wurare uku. Suna tambayar adireshin shafin a wajen saba daban-daban, saƙonsu yana bin hanya daban-daban, sannan suna isa ga shafin da adireshin fita daban-daban. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana iya hana shafi buɗewa, kuma maganin kowanne daban ne. Wanda ya fara canja saiti kafin ya gano wanne ne cikinsu, yakan ɓata abin da yake lafiya, ya kuma bar asalin matsalar a inda take.

Kafin a ci gaba, yana da kyau a daidaita gwajin. A ɗauki waya ɗaya, a kashe data gaba ɗaya a gwada shafin a waifai, sannan a kashe waifai a gwada da data. Kashe datar ya zama dole, domin wayoyi da yawa suna komawa kan data da kansu idan suka ga waifai ba ya tafiya, sai mutum ya ɗauka shafin ya buɗe a waifai alhali ta data ya bi.

Mene ne aikin DNS a wannan lamari?

Na'urori ba sa gane sunan shafi, lambobi suke ganewa, wato adireshin IP. Idan ka rubuta example.com, kafin burauza ta aika komai zuwa shafin, sai ta tura tambaya zuwa wata saba cewa wace lamba ce ta wannan suna, kuma wannan tsari na tambaya da amsa shi ake kira DNS. Abin ya yi kama da baƙon da ya shigo zango ya san sunan mai gida amma bai san gidan ba: idan wanda ya tambaya ya ce babu mai wannan suna a unguwar, ko ya kwatanta masa gidan da mutumin ya tashi daga ciki tun bara, ba zai isa ba ko da hanya a buɗe take.

Abin lura shi ne ba kai kake zaɓen wanda ake tambaya ba. Da zarar waya ta hau data, kamfanin wayar yana ba ta tasa sabar DNS. Da zarar ta hau waifai na ofis, rawuta ce ke gaya mata wa za ta tambaya, kuma sau da yawa rawutar tana ba da adireshin kanta ne, irin 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, sannan ita ta miƙa tambayar zuwa wata saba a waje. Wannan saba ta waje tana iya zama ta kamfanin da ke ba ofis intanet, tana kuma iya zama wadda wani ya zaɓa da hannunsa ranar da aka haɗa rawutar, ya tafi ba wanda ya rubuta abin da ya sa. Ke nan waya ɗaya, a kan teburi ɗaya, tana iya samun amsa biyu mabambanta ga tambaya ɗaya cikin minti guda.

Rubutun kuskuren da burauza ke nunawa yana da wani amfani?

Yana da amfani ƙwarai, kuma shi ne abin da mutane suka fi watsarwa. Idan aka kira injiniya aka ce masa kawai "shafin ya ƙi", ba a ba shi komai ba, amma ƙaramin rubutun da ke ƙasan shafin kuskure a Chrome yana nuna matakin da tafiyar ta tsaya.

Idan aka ga DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN ko ERR_NAME_NOT_RESOLVED, ba a ma samu adireshi ba, don haka matsalar tana matakin tambayar suna. Idan aka ga ERR_CONNECTION_TIMED_OUT bayan dogon jira, an samu wani adireshi amma ba a samu amsa daga gare shi ba, wanda ke nufin ko dai adireshin ba daidai ba ne, ko wani abu a hanya yana zubar da saƙon ba tare da ya faɗa ba. ERR_CONNECTION_RESET kuwa yana zuwa nan take, kuma yana nufin an fara haɗuwa sai wani ya yanke ta, abin da na'urorin tacewa suke yawan yi. Gargaɗin satifiket, wato takardar shaidar da shafi ke gabatar wa burauza, irin NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID, idan ya fito a waifai kawai bai fito a data ba, alama ce mai ƙarfi cewa wata na'ura ta shiga tsakaninka da shafin tana ƙoƙarin nuna maka nata shafin. Shi kuwa 403 Forbidden yana nufin an isa wata saba har ta amsa, ta ce ba za ta ba ka ba. Saura a gano ko sabar shafin ce ta faɗa ko ta ofis.

Ta yaya zan tabbatar ko DNS ne, ba tare da na canja komai ba?

Da umarnin nslookup, wanda yake cikin kowace kwamfutar Windows. A buɗe Command Prompt a kwamfutar da ke kan waifai na ofis, a yi tambaya ɗaya sau biyu, ta farko ga sabar da ofis ke amfani da ita, ta biyu ga sabar Google:

```
nslookup example.com
nslookup example.com 8.8.8.8
```

Layuka biyun farko na kowace amsa suna nuna wace saba aka tambaya, ba amsar ba ce, kuma a nan masu koyo suke yawan ruɗewa. Amsar tana ƙasa, a gaban kalmar Address ko Addresses. Idan duka tambayoyin sun ba da adireshi ɗaya, to a bar zargin DNS a duba hanya. Idan ta farko ta ce Non-existent domain, ko ta ba da 0.0.0.0, ko ta ba da wani adireshin cikin gida mai farawa da 192.168 ko da 10, alhali ta biyu ta ba da adireshi na sosai, to an gano wurin.

Akwai hattara biyu. Na ɗaya, manyan shafuka suna da sabobi a ƙasashe da dama, kuma abu ne da aka saba a samu adireshi daban daga sabobin DNS daban ba tare da wani aibu ba, don haka bambancin lamba kaɗai ba hujja ba ce sai an gwada lambar. Na biyu, wasu ofisoshi suna kama duk tambayar da ta fita ta ƙofa ta 53, wadda ita ce ƙofar DNS, su karkata ta zuwa tasu sabar. A irin wannan ofis ko ka rubuta 8.8.8.8 sabar ofis ce za ta amsa maka da sunan Google, sai amsoshin biyu su zo iri ɗaya su yaudare ka. Maganin wannan shi ne a haɗa kwamfutar da datar waya na ɗan lokaci, a maimaita tambayar, a rubuta adireshin da aka samu a takarda, sannan a dawo waifai.

Za a iya bin wani misali daga farko har ƙarshe?

A ɗauka wani ofishin fiton kaya ne a Adum, mai kwamfutoci kamar goma, kuma wani abokin hulɗarsu ya buɗe sabon shafi na bin sawun kaya a makon da ya wuce. Akawun ofis ya ga shafin yana buɗewa a wayarsa, amma a kwamfuta yana kawo kuskure nan take, ba tare da jira ba. Abu na farko shi ne a tambayi wani abokin aiki ya gwada a tasa kwamfutar. Da ya ƙi a kwamfutoci uku, an cire zargin cewa burauzar akawu ce ko saitinsa, an san abin na dukan ofis ne.

Sai aka yi nslookup, amsa ta zo haka:

```
Server:  UnKnown
Address:  192.168.1.1

Name:    example.com
Address:  0.0.0.0
```

Adireshi 0.0.0.0 ba gidan kowa ba ne. Saba ba ta ba da shi bisa kuskure ko tsufan bayani, tana ba da shi ne idan an sa ta hana sunan, kuma haka Pi-hole, wani tsarin tacewa ta DNS, yake yi a saitinsa na asali, haka ma sabobin Cloudflare masu tacewa. Tambaya ta biyu ta hanyar 8.8.8.8 ta ba da 203.0.113.25, kuma da aka gwada ta datar waya an samu wannan lamba ɗin dai. Zuwa nan an san cewa sabar DNS da rawutar ke tambaya tana hana sunan da gangan.

Amma da sauran tambaya guda, wadda mutane ke tsallakewa: shin DNS kaɗai ke hanawa, ko akwai wani shinge a hanya? Ana gane wannan ta hanyar gaya wa kwamfuta adireshin kai tsaye, domin ta tsallake tambayar suna, amma saƙon ya bi waifai na ofis kamar kullum:

```
curl.exe -v --resolve example.com:443:203.0.113.25 https://example.com/
```

Umarnin curl yana zuwa cikin Windows 10 tun sabuntawar 2018, kuma an rubuta shi da .exe ne saboda a tsohon PowerShell kalmar curl kaɗai tana kiran wani umarni daban. A misalinmu amsa ta dawo da HTTP/1.1 200 OK da rubutun shafin, wanda ya nuna hanya a buɗe take kuma shafin bai ƙi adireshin ofis ba. Da injiniya ya shiga saitin rawuta, sai ya tarar an sa adireshin wani kamfanin tacewa a gurbin DNS, kuma a cikin rukunonin da aka kunna akwai na sababbin sunaye. Masu tacewa da yawa suna hana sunan da aka yi wa rajista kwanan nan, galibi na kimanin wata guda, saboda masu damfara suna yawan buɗe sabon suna su yi aiki da shi kwana kaɗan su jefar. Shafin abokin hulɗar ba shi da laifin komai sai sabunta. An sa sunansa a jerin waɗanda aka yarje wa, an share tsohuwar amsa daga kwamfutoci, shafin ya buɗe, kuma tacewar ta ci gaba da kare ofis daga sauran sababbin sunaye.

Idan DNS ya ba da adireshi daidai amma shafin bai buɗe ba fa?

To shingen yana hanya ko yana ƙofar shafin. Katangar tsaro ta ofis tana iya hanawa ta adireshin IP, inda za ta zubar da duk saƙon da ya nufi wata lamba ko wata ƙasa, kuma alamar wannan ita ce dogon jira da ya ƙare babu amsa. Ana gwada shi a PowerShell:

```
Test-NetConnection example.com -Port 443
```

Idan TcpTestSucceeded ya nuna False a waifai amma True a data, ba a ma kai ga gaisawa da sabar ba. Kada a dogara da ping, umarnin da ke gwada ko saba tana amsawa, a nan, domin sabobi masu lafiya da yawa ba sa amsa shi, kuma katangar da ta hana shafi tana iya barin ping ya wuce.

Idan ya nuna True amma burauza na cewa an yanke haɗi, to wata irin tacewa ce da ta fi wayo. Ko da shafi yana amfani da https, a mafi yawan lokuta sunan shafin yana tafiya a bayyane cikin saƙon farko na gaisuwa, a wani gurbi da ake kira SNI. Na'urar tacewa ba ta iya karanta abin da ke cikin shafin, amma tana ganin wannan suna, kuma idan yana cikin jerinta sai ta yanke haɗin. A rubutun curl za a ga haɗin ya mutu kafin a kammala maganar satifiket. Irin wannan shinge ba ruwansa da DNS, kuma ko sau nawa aka canja sabar DNS ba abin da zai motsa.

Me ya sa wani lokaci gargaɗin satifiket ke fitowa maimakon a ce an hana shafin?

Domin na'urar tacewa tana so ta nuna maka takardar "an hana", amma burauzarka tana jiran satifiket na ainihin shafin, wanda na'urar ba ta da shi. Sai ta gabatar da nata, burauza ta ga bai dace ba, ta ja kunne. Idan ka danna kan gargaɗin ka duba wanda ya ba da satifiket ɗin, za ka ga sunan kamfanin da ya ƙera katangar tsaro ko sunan ofis ɗin kansa, kuma wannan ya isa hujja. A manyan ofisoshi ana sa satifiket na katangar a kwamfutocin aiki tun farko, shi ya sa kwamfutar ofis ba ta ƙorafi amma wayarka ta kanka tana yi a waifai guda. Shawara a nan ita ce kada a tsallake gargaɗin a rubuta kalmar sirri ko bayanan banki, har sai an san wane ne ke tsakani.

Shin shafin da kansa yana iya ƙin ofishinmu?

Yana iyawa, kuma wannan ne dalilin da aka fi mantawa da shi. Duk kwamfutocin ofis suna fita intanet da adireshi guda, saboda haka a idon shafin dukanku mutum ɗaya ne. Idan ma'aikaci ɗaya ya yi ta kuskuren kalmar sirri, ko wata kwamfuta ta kamu da cuta tana aika saƙonni barkatai, tsarin tsaron shafin yana iya rufe wa adireshin ƙofa, sai hukuncin ya hau kan kowa. Alamarsa ita ce satifiket ɗin na ainihin shafin ne, babu gargaɗi, amma amsar 403 ce ko 429 Too Many Requests, ko shafin Cloudflare mai cewa Access denied. Babu saitin da za a taɓa a ofis ya gyara wannan. Ana rubuta wa masu shafin ne, a ba su adireshin fita na ofis da lokacin da abin ya faru, kuma idan an samu kwamfutar da ta jawo matsalar a fara tsabtace ta.

Ba zai fi sauƙi ba in sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a kwamfutata in huta?

A matsayin gwaji na minti biyar, babu laifi idan an ba ka izini. A matsayin magani a kwamfutar ofis, ban ba da shawararsa ba, saboda dalilai na aiki kafin ma a zo maganar doka. A ofishin da ke da sabar cikin gida, sunayen injin buga takardu da manyan fayilolin da ake rabawa da manhajar lissafi duk sabar DNS ta ofis ce kaɗai ta san su, Google da Cloudflare ba su taɓa jin labarinsu ba. Mutum zai canja saiti ranar Litinin shafi ya buɗe, ranar Laraba ya kasa shiga fayilolin ofis, kuma ba wanda zai danganta abubuwan biyu. Ban da haka, idan tacewar ta hana shafin ne domin an gano cuta a cikinsa, tsallake ta ya zama buɗe wa cutar ƙofa, kuma buɗewar shafi a data ba shaidar tsabtarsa ba ce.

Haka kuma a san cewa ba duk sabobin jama'a ne marasa tacewa ba, kuma lamba ɗaya tak ke bambanta su. Ta Google, 8.8.8.8 da 8.8.4.4, wadda aka buɗe a 2009, da ta Cloudflare 1.1.1.1, wadda aka buɗe a 2018, ba sa tace shafuka bisa rukuni. Amma 1.1.1.2 tana hana shafukan cuta, 1.1.1.3 tana ƙara na batsa a kai, 9.9.9.9 ta Quad9 tana hana sunayen da aka san su da cuta da damfara, ita kuma 208.67.222.123 ta OpenDNS an yi ta ne domin tacewa ta iyali. Idan aka buɗe rawutar ofis aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, to ofis yana da tacewa ko da maigida ya rantse bai taɓa sayen na'urar tacewa ba.

A waifai guda, me ya sa shafin ke buɗewa a wayar wani ya ƙi a tawa?

Mai yiwuwa wayarsa ba ta tambayar rawutar ofis sam. Tun daga Android 9 akwai saitin Private DNS, wanda idan aka rubuta masa suna irin dns.google, wayar za ta riƙa aika tambayoyinta a ɓoye ta ƙofa ta 853, ta tsallake sabar ofis. Chrome ma yana da Use secure DNS, wanda ke aika tambaya ta ƙofa ta 443 tare da sauran zirga-zirgar shafuka. Bambancin nan kansa hujja ce mai kyau cewa shingen na DNS ne kawai.

Saitin yana iya juyawa ya zama shi ne matsalar. Idan ofis ya rufe ƙofa ta 853, wayar da aka rubuta wa suna a Private DNS ba za ta koma ga sabar ofis da kanta ba, sai ta kasa buɗe kowane shafi a waifai, alhali komai na tafiya a data. Wanda ya ga ba shafi ɗaya ba ne ya ƙi, dukansu ne, kuma wayarsa kaɗai abin ya shafa, ya fara duba wannan saiti ya mayar da shi Automatic.

Shafin kamfaninmu ne ya ƙi buɗewa a cikin ofishinmu, amma abokan ciniki suna ganinsa. Ta yaya haka za ta faru?

Wannan yana da dalilai biyu sanannu, kuma babu tacewa a ko ɗaya. Na farko shi ne inda sabar cikin gida ta ofis take amfani da suna iri ɗaya da na shafin. Tun da ta ɗauki kanta ita ce mai iko da sunan, ba ta fita waje ta tambaya, daga littafinta take amsawa. Ranar da aka ɗauke shafin daga wani kamfanin ajiya zuwa wani, duniya duka ta samu sabon adireshi, amma littafin cikin gida yana nan da tsohon har sai wani ya gyara shi da hannu. Alamarsa ita ce nslookup na ofis yana ba da tsohuwar lamba kwanaki da makonni bayan ƙaura, kuma share amsoshin da kwamfuta ta riƙe ba ya canja ta.

Na biyu shi ne inda sabar shafin ko na'urar kyamarorin tsaro take zaune a cikin ofis ɗin kansa. Sunan yana nuna adireshin fita na ofis, wanda yake daidai ga mai zuwa daga waje, amma kwamfutar cikin gida da ta nufi wannan adireshi tana buƙatar rawuta ta juyo da saƙon ya dawo ciki, kuma ba kowace rawuta ke yin hakan ba. Gyaran shi ne a kunna NAT loopback idan rawutar tana da shi, ko a sa sabar DNS ta ofis ta riƙa ba mutanen ciki adireshin cikin gida, misali 192.168.1.20.

An ce an gyara, amma har yanzu kwamfutata ta ƙi. Sai yaushe?

Kowace amsar DNS tana zuwa da wa'adi a daƙiƙoƙi, wanda ake kira TTL, kuma kafin ya cika na'urori suna riƙe amsar ba sa sake tambaya. Wa'adin 3600 awa ɗaya ke nan, 86400 kuma kwana guda. Hatta amsar "babu wannan suna" ana riƙe ta na wani lokaci. A Windows ana share abin da aka riƙe da wannan umarni, sannan a rufe burauza gaba ɗaya a sake buɗewa, domin ita ma tana da tata ma'ajiyar:

```
ipconfig /flushdns
```

Wannan yana share na kwamfutarka ne kawai. Abin da rawuta ta riƙe yakan tafi idan aka kashe ta aka kunna, abin da sabar waje ta riƙe kuwa sai wa'adinsa ya cika. Idan nslookup yana ba da adireshi daidai amma burauza a kwamfuta ɗaya tak tana zuwa wani wuri, a duba fayil ɗin C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts, domin Windows yana fifita abin da ke cikinsa, shi kuwa nslookup ba ya karanta shi. Masu gina shafi sukan sa layi a ciki lokacin gwaji su manta ba su cire ba.

Me zan aika wa injiniya domin ya yi saurin gyarawa?

A aika cikakken sunan shafin kamar yadda aka rubuta shi, da hoton kuskuren har da ƙaramin rubutun da ke ƙasa, da ranar da lokacin da aka gwada, da adadin kwamfutocin da abin ya shafa, da amsoshin nslookup na waifai da na data. Lokacin yana da muhimmanci domin katangar tsaro tana rubuta duk abin da ta hana, kuma injiniyan da ya san cewa da ƙarfe 10:40 na safe aka gwada zai je kai tsaye ga layin da ya nuna wace doka ta yi hanin. A ƙara da dalilin da ya sa aikin ofis ke buƙatar shafin, domin wanda zai buɗe shi yana iya buƙatar amincewar maigida ko manaja. Idan sabis ɗin tacewa ne ya sa shafin a rukunin da ba nasa ba, a roƙi injiniya ya nemi kamfanin tacewar ya sake masa rukuni, kafin nan kuma ya yarje wa wannan suna ɗaya da duk wasu sunayen da shafin ke ɗauko hotuna ko shafin shiga daga gare su, domin idan aka buɗe babban sunan kaɗai shafin yakan fito rabi-rabi ko ya tsaya a wurin shigar da kalmar sirri.